Idan Tukunya Ta Yi Wa Shuka Kaɗan

A gidaje da yawa na Kano da Kaduna da Zariya, inda aka shafe tsakar gida da siminti har ba wurin da za a haƙa rami, tukunya ce ta zama lambu. Za ka ga lemun tsami a bokitin fenti, na'ana'a a tsohon baho, fure a tukunyar roba a bakin ƙofa. Yawancinsu daga masu sayar da dashe na bakin titi aka sayo su, a cikin baƙar leda. Shekarar farko komai na tafiya daidai: ganye shar, toho na fitowa, mai gida na nuna wa baƙi. A shekara ta biyu ko ta uku sai shukar ta tsaya cik. A ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta yi yaushi. A zuba mata taki, babu wani canji. Daga nan sai a fara zargin rana, ko tsutsa, ko ruwan burtsatse.

Sau da yawa ba ko ɗaya daga cikinsu. Matsalar tana cikin tukunyar, inda ido ba ya kaiwa. Saiwa ta cika wurin maƙil, ta cinye ƙasar, ta koma tana zagaya kanta.

Abin da ke faruwa a ciki

Saiwar da ke fili tafiya take yi, tana neman danshi da abinci duk inda suke. A cikin tukunya kuwa, da ta kai bango ba ta da inda za ta bi sai ta karkata ta bi jikin bangon. Ta zagaya sau ɗaya, ta sake zagayawa, wata ta hau kan wata. Bayan 'yan shekaru abin da ke cikin tukunyar ya zama curi guda mai siffar tukunyar kanta, kamar gammon da aka naɗe da igiya.

Illa uku ke biyo baya. Ta farko, ƙasar da ke riƙe ruwa ta ragu, domin saiwa ta mamaye gurbinta, takin da ke ciki kuma ya ruɓe ya ƙare. Ta biyu, yawancin ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa sun taru a jikin bango, wurin da ya fi ko'ina zafi idan rana ta doki tukunyar, musamman baƙar roba. Ta uku ta shafi itatuwa irin su lemo da gwaiba: saiwar da ta zagaye gindin tana ƙara kauri, gindin ma yana ƙara kauri, har wata rana ta shaƙe shi kamar zoben da ya matse yatsa.

Yadda ake ganewa

A ɗauki misalin lemun tsami ɗan aure wanda wata uwargida ta fitar daga leda ta dasa a tukunyar roba mai faɗin baki santimita 20. Yau shekararsa biyu da rabi a ciki, tsawonsa ya kai ƙugun mutum.

Alamar farko da za ta lura da ita a wajen ban ruwa take. Da can idan ta zuba ruwa sai ya ɗan tsaya a sama, ya nutse a hankali, tukunyar ta yi kwana biyu da danshi. Yanzu tana zubawa yake fita ta ƙasa, kamar an zuba a rariya. Dalili shi ne curin saiwar ya bushe ya ɗan tsuke, ya bar 'yar tazara tsakaninsa da bango, ruwan kuma ta nan yake zurarewa ba tare da ya jiƙa tsakiyar ba. Mai shuka na ganin ta shayar, alhali lemon da ƙishinsa ya kwana.

Alama ta biyu a ganye take. Sababbin ganyaye suna fitowa ƙanana, ba su kai na bara ba. Tsofaffin na ƙasa suna yin ɗorawa suna zuba. Damina ta zo ta wuce, reshe bai ƙara ko ɗani ɗaya ba. Idan ya yi fure, yawanci sai ya kakkaɓe kafin ya ƙulla 'ya'ya.

Alama ta uku a jikin tukunyar take. Saiwa ta leƙo ta hudar ƙasa, wani lokaci har ta kama ƙasar da tukunyar ke zaune a kai. Wasu saiwoyin sun fito fili a sama. Idan aka matsa gefen tukunyar roba sai a ji ta da tauri kamar dutse, ko a ga ta kumbura ta gefe ɗaya. Tukunyar ƙasa ma takan tsage. Sannan iska kaɗan ke kayar da shukar, saboda kai ya fi gindi nauyi.

Duk da haka kada a yanke hukunci da ganye kawai. Shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma tana yaushi, ganyenta ma yana yin ɗorawa. Bambancin shi ne ita tana yaushi ne alhali ƙasarta a jiƙe take, tukunyar da nauyi, wani lokaci har da ɗan wari. Wadda saiwa ta cika wa tukunya kuwa sakayau take idan aka ɗaga, kuma takan farfaɗo cikin sa'a ɗaya ko biyu bayan an jiƙa ta sosai. Saiwa ɗaya ko biyu da suka leƙo ta huda su ma ba hujja ba ce, domin saiwa takan bi danshi ta fito tun tukunyar ba ta cika ba.

Hanyar da ba ta ƙarya ita ce a zare shukar a duba. Idan ƙasa ce ta fi yawa, saiwa jefi-jefi a jikinta, a mayar da ita, lokaci bai yi ba. Idan kuwa saiwa ce ta lulluɓe ko'ina, ƙasa ba ta zuba ko an girgiza, ƙasan curin kuma ya zama kamar faifai, to sauyi ya zama dole.

Taki ɗaya kawai ake ƙarawa

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Uwargidar ta ga lemonta a takure, sai ta ce bari ta huta gaba ɗaya, ta nemo rabin duro ko ƙatuwar tukunyar siminti. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ƙa'idar da masu lambu ke bi ita ce sabuwar tukunya ta fi tsohuwar faɗin baki da santimita 3 zuwa 5 idan ƙarama ce, ko 5 zuwa 8 idan babba ce. A aikace, idan aka zura tsohuwar tukunya cikin sabuwar, tazarar da ke kewaye da ita ta kai yatsa ɗaya ko biyu a kowane gefe. Ga lemon nan da ke cikin mai santimita 20, mai santimita 25 ita ce daidai.

Ƙarin yana kama da kaɗan, amma lissafi ya nuna ba kaɗan ba ne. Tukunya mai faɗi 20 da zurfi 20 tana cin ƙasa wajen lita 6. Mai faɗi 25 da zurfi 25 tana cin wajen lita 12, wato ninki biyu. Mai 40 da 40 kuwa tana cin wajen lita 50, ninki takwas ke nan. Idan aka jefa curin saiwa mai lita 6 a cikin ƙasa lita 50, fiye da lita 40 na ƙasar babu saiwar da za ta tsotse ruwansa. Sai ta zauna a jiƙe kwana da kwanaki, balle a watan Agusta da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa. Saiwa numfashi take yi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike waɗannan gurabe ya daɗe, sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, kuma lemo na cikin itatuwan da ba sa jure wannan ko kaɗan.

Saboda haka hawa-hawa ake tafiya. Daga 20 zuwa 25. Bayan shekara biyu ko makamancin haka a koma bokitin fenti mai lita 20, wanda bakinsa wajen santimita 30 ne. Daga nan a kai 35 ko 40.

Kowace irin tukunya aka zaɓa, dole ta kasance da huda a ƙasa. Bokitin fenti a wanke shi tas, a ɗora ƙusa ko ƙarfe a wuta a huda masa ƙofofi biyar ko shida masu faɗin ɗan ƙaramin yatsa. Tukunyar ƙasa irin ta maginan gargajiya tana da fa'ida a ƙasa mai zafi, domin tana tsatsafo kamar randa, saiwa ta samu sanyi, sai dai tana saurin bushewa. Roba ta fi riƙe danshi, amma baƙa tana ɗaukar zafi, don haka fara ta fi. A guji tukunya mai ƙaramin baki da faffaɗan ciki irin tulu, domin ranar da saiwa ta cika ta, sai an fasa ta kafin shukar ta fito.

Akwai kuma al'adar zuba tsakuwa a gindin tukunya wai don ruwa ya wuce. Ba ta yin wannan aikin. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya faɗa cikin tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, don haka abin da tsakuwar ke yi shi ne ta rage zurfin tukunya, ta matso da wurin da ya fi jiƙa kusa da saiwa. Katanga guda, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, a kife a kan hudar, ko guntun ragar sauro, ya isa hana ƙasa zubewa.

Ƙasa da lokaci

Ƙasar da aka kwaso daga bayan gida ita kaɗai ba ta dace da tukunya ba. Mai laka, idan ta sha ruwa ta bushe sau da yawa, daskarewa take kamar tubali. Haɗin da ke aiki ga lemo shi ne kashi biyu na baƙar ƙasa mai laushi, kashi ɗaya na yashin gini mai gauri, da kashi ɗaya na takin gida da ya ruɓe sarai. Inda ake samun ɓuntun shinkafa da ya kwana biyu, ɗan kaɗan a ciki yana sa ƙasar ta yi sako-sako. Takin da ya ruɓe ana gane shi: baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, ba ya zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kuma saiwar da aka taɓa jiya ta fi kowace saurin ƙonewa. A yayyafa wa haɗin ruwa har ya zama idan aka dunƙula ya kama, idan aka taɓa ya wargaje.

Lokaci mafi kyau shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna, wajen watan Yuni a yankin Kano da Katsina, ko kafin haka kaɗan a kudancin Kaduna da Abuja. A lokacin iska na da danshi, zafi ya karye, shuka kuma na cikin ƙarfin toho, don haka saiwar da aka yanke takan warke da wuri. Bazara, wato Maris da Afrilu, ita ce mafi muni, sai kuma tsakiyar hunturu da busasshiyar iska ke zuƙe ruwan ganye. A rana kuwa, bayan la'asar ya fi, domin shukar ta samu dare guda na sanyi kafin ta fuskanci rana. Idan tana ɗauke da fure ko ƙananan 'ya'ya, gara a jira, don sauyin yakan sa ta zubar da su.

Fitar da ita

Aikin yana farawa tun jiya. Uwargidar ta shayar da lemon sosai kwana ɗaya kafin ranar. Idan ruwan zurarewa yake ta gefe, ta tsoma tukunyar dungum cikin baho na rabin sa'a, ta fitar ta bari ya tsane. Jiƙaƙƙiyar saiwa lanƙwasuwa take, busasshiya karyewa.

Ranar aikin, a shimfiɗa buhu a inuwa, a ajiye sabuwar tukunya da haɗin ƙasa da wuƙa mai kaifi da almakashi a kusa, an wanke su da sabulu. Saiwa ba ta son ta daɗe a iska, saboda haka komai ya zama a shirye kafin a taɓa shukar.

Ba a kama kara a fizgo. Wannan yana tsinka saiwoyi daga gindi, wurin da ya fi wuyar warkewa. A kwantar da tukunyar a gefenta, a mirgina ta ana matsa jikinta, a bubbuga gindin. Hannu ɗaya ya tare saman ƙasar, karan na tsakanin yatsu, ɗaya hannun ya zare tukunyar baya. Lemun tsami na da ƙaya, don haka a naɗe rassan da tsohon zane. Idan ta ƙi fita, a zura doguwar wuƙa a zagaya jikin bango. Saiwoyin da suka fito ta huda suka yi kauri a yanke su, tunda su ne ke riƙe ta. In duk ya faskara, a tsaga tukunyar roba da wuƙa. Tukunya ta fi lemo ɗan shekara uku araha.

Warware saiwa

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne ainihin aikin. Idan aka ɗauki curin yadda yake aka sa a sabuwar tukunya aka zagaye shi da ƙasa, saiwar da ta saba zagaye takan ci gaba da zagayenta. Bayan wata shida a zaro shukar, sai a tarar da tsohon curin yana nan da siffarsa, sabuwar ƙasar ko taɓa ta bai yi ba.

Da farko a duba lafiyarta. Saiwa mai rai fara ce ko ruwan madara, wadda ta tsufa ruwan ƙasa mai haske, kuma tana da ƙarfi idan aka matsa. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ta yi duhu, ta yi laushi, tana wari, idan aka ja ta fatar ta zame ta bar zare a tsakiya. Irin wannan a yanke ta har inda aka ga lafiyayyen wuri.

Sannan a fara daga ƙasa. A sa yatsu a tsakiyar faifan da ke gindin, a buɗa shi waje a hankali, yadda ake tsefe kitso ba tare da an tsinka gashi ba. A bi gefe da yatsa ko ɗan siririn itace, ana sassauta saiwoyin har su saki su rataya. Burin shi ne bakunansu su kalli waje, inda sabuwar ƙasa take. Tsakiyar curin kuwa a bar shi da ƙasarsa. Ba a wanke saiwar lemo tas, ba a kakkaɓe ta, domin ƙananan saiwoyin nan masu kama da zare su ne ke shan ruwa, manyan riƙe itacen kawai suke yi da kai ruwan sama. Wasu 'yan kaɗan za su tsinke, wannan ba komai.

Idan curin ya yi taurin da yatsa ba ya shiga, sai wuƙa. A yanke faifan gindin, kaurin santimita 1 zuwa 2, a jefar. A tsaga gefen daga sama zuwa ƙasa a wurare huɗu, zurfin kamar santimita 1, sannan a buɗa tsagar da yatsa. Daga bakin kowane yanka sababbin saiwoyi ke fitowa su nufi waje. Idan an ga wata kakkaurar saiwa da ta naɗe gindin karan, a miƙe ta in tana miƙuwa, in ba ta miƙuwa a datse ta da almakashi. Iyakar da ba a ƙetarewa ita ce kada abin da aka cire duka ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na saiwar.

Ba kowace shuka ke jure wannan ba. Gwanda da zogale suna da saiwa mai ruwa-ruwa da ke saurin karyewa da ruɓewa, don haka su ana ɗaga su ne da curinsu, a sassauta gefe kaɗan kawai. Alobera kuwa ba ta damu da ƙunci ba, takan daɗe a tukunya ɗaya, kuma idan aka sauya mata ana barin ta kwana huɗu ko biyar kafin a ba ta ruwa, don raunin saiwar ya bushe.

Zaunar da ita

A zuba ƙasa a gindin sabuwar tukunya, a ɗora curin a gwada. Saman curin ya tsaya santimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin tukunya, domin a samu wurin da ruwa zai tsaya. Zurfin da karan yake a da, shi zai kasance yanzu. Binne kara yana ruɓar da ɓawonsa, kuma a lemo ɗan aure, gaɓar auren, wato ɗan kumburin nan da ke sama da ƙasa, dole ta zauna a fili.

A baza saiwoyin da aka warware, a riƙa zuba ƙasa ta gefe kaɗan-kaɗan, ana tura ta da yatsa ko ɗan itace, ana bubbuga tukunyar don ta zauna. Ba a danna ta da ƙarfi kamar ana daɓe. Bayan an gama a zuba ruwa a hankali har ya fito ta ƙasa. Idan ƙasar ta lotsa, a cike gurbin.

Makonnin da ke biye

Lemon zai yi kwana bakwai zuwa goma a inuwa mai haske, gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfa, inda iska ba ta kaɗawa da ƙarfi. Daga nan a fara ba shi ranar hantsi, a riƙa ƙarawa har ya koma wurinsa. Idan an yanke saiwa da yawa, rage 'yan rassan da suka yi tsawo yana sauƙaƙa masa, tunda ganye kaɗan ruwa kaɗan yake nema.

Ban ruwa ma ya canja. Uwargidar da ta saba shayarwa safe da yamma dole ta rage hannu, domin tukunyar yanzu tana riƙe ruwa ninki biyu, saiwar kuma ba ta gama warkewa ba. Ta zura yatsa har gaɓa ta biyu, kusa da tsohon curin, tunda shi ne ke riga sabuwar ƙasar bushewa. In ta ji danshi ta bari sai gobe. Takin zamani kuwa a dakata da shi har mako huɗu zuwa shida.

Ɗan yaushi da zubar ganye kaɗan a makon farko abu ne da aka saba gani. Abin damuwa shi ne yaushin da ya wuce mako biyu alhali ƙasa a jiƙe take, wanda ke nuna ruwa ya yi yawa ko hudar ta toshe. A irin wannan hali a ɗora tukunyar a kan bulo biyu, a zura itace a buɗe hudar, a tsayar da ruwa. Idan komai ya tafi daidai, cikin mako uku zuwa shida za a ga sabon toho a bakin rassa, ganyensa ya fi na bara faɗi.

Wata rana lemon zai kai tukunyar da ba a iya ƙara mata girma, ko don nauyi ko don ƙarancin wuri. A nan ba a neman sabuwa. Duk bayan shekara biyu ko uku, a farkon damina, sai mutum biyu su kwantar da tukunyar su zaro shi, a aske santimita 3 zuwa 5 daga gefe da gindin curin da wuƙa mai kaifi, a rage rassa daidai gwargwado, a wanke tukunyar, a mayar da shi cikinta da sabon haɗin ƙasa a gurbin da aka aske.